Baba Akawu ya yi ritaya ya bar min shafi huɗu

Sabon_Akawu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata uku ke nan da aka mayar da ni ofishin rajista na sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Dattijon da na tarar a wurin, wanda kowa ke kira Baba Akawu, ya cika shekara 35 a aiki, ya yi ritaya makon jiya. Ya bar min takardar miƙa aiki shafi huɗu da rubutun hannunsa. Na karanta ta ya fi sau biyar. Ga abin da na tsinta.

Ya ce indes ɗin, wato jerin da ake bi a nemo fayil, ba abu ɗaya ba ne, uku ne. Akwai baƙin littafi, inda aka jera fayiloli bi da bi daga lamba 1 zuwa 617, kowanne da sunansa da ranar da aka buɗe shi. Akwai durowar kati, inda aka jera su bisa harafi. Sai wani ƙaramin akwati mai katin fita, wanda ke nuna hannun wanda fayil yake. A kan kanta kuwa da lamba aka jera fayilolin. Sannan ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan magana: "Lambar da ta taɓa zama ta wani fayil, kada ka ba wani, ko da ka ga gurbinta wayam."

To a baƙin littafin daga 212 zuwa 260 duk an soke su da jan biro, a kanta ma babu su. Ga shi kuma ogana ya ce in sake jera komai daga A zuwa Z don a huta da neman lamba. Me zai hana in bi maganar oga, in kuma cike wancan gurbin?

Garba_Mai_Shayi: Wa alaikumus salam. Ka bi maganar oga mana. Shi zai sa hannu a takardar ƙarin girmanka, ba wanda ya tafi gida ba.

Hajiya_Rajista: Ɗana, kada ka taɓa kantar nan tukuna. Na yi shekara 28 a rajista kafin in ajiye aiki, kuma na ga inda aka yi abin da oganka ke so. Ka duba kowace wasiƙa da ta fita daga sakatariyarku, a samanta akwai lambar fayil. Wanda zai ba ku amsa, da lambar zai dawo. Lambar nan tana ofisoshin jiha, tana hannun 'yan kwangila, tana kotu in an taɓa yin shari'a. In ka jera bisa harafi, wasiƙa ta zo ɗauke da 47, ina za ka nufa?

Kuma suna yana canzawa, lamba ba ta canzawa. Yau a ce fayil ɗin "kasuwa", gobe sabon shugaba ya zo ya ce "harkokin ciniki". Aikin harafi ai shi durowar kati take yi maka. Kati ne ke kai ka ga lamba, lamba ta kai ka ga kanta.

Sabon_Akawu: Na gode Hajiya. To gurbin 212 zuwa 260 fa? Lamba 49 ce zaune a banza.

Dan_Gumel91: Ina zargin rabon gado ne. An taɓa cire wata ƙaramar hukuma daga cikin taku? Mu nan da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, fayilolin da suka shafi wannan ɓangaren aka kwaso aka kawo Dutse, can aka bar gurbinsu a littafi. Ka duba gefen layin da aka soke, da wuya a rasa ɗan rubutu.

Sabon_Akawu: Wallahi ka canka. Na koma na duba, a gefen 212 an rubuta da ƙanana cewa an miƙa su ga sabuwar ƙaramar hukuma, 1996. Ban lura ba da farko don tawadar ta koɗe.

Dan_Gumel91: Ka gani. Shekarar da aka ƙara ƙananan hukumomi suka kai 774 ke nan. Fayilolin nan suna raye a wani gari, da lambobinku a goshinsu. In ka ba sabon fayil 230, ran da rigimar iyakar gona ta tashi aka ce a kawo 230, kai za ka miƙa fayil ɗin sayen kujeru.

Ummu_Hanan: Ni tambayata daban. Me ya sa ba za a ɗauki hoton komai a zuba a kwamfuta ba? Wannan zamanin ana maganar kati?

Injiniya_Sani: @Ummu_Hanan mun yi haka a wurinmu. An kawo na'ura, yara biyu suka yi wata biyu suna ɗaukar hoto. Da aka gama sai ga hotuna dubbai, kowanne sunansa lambar da na'ura ta ba shi. Ba wanda ya san wanne ne wanne. Ƙarshe littafin tsohon akawun aka ɗauko aka bi layi-layi aka sa musu suna. Ina goyon bayan kwamfuta, amma abin da za a fara shigarwa shi ne baƙin littafin da katunan.

Sabon_Akawu: Tunda an fara, bari in tona wa kaina asiri. Shekaranjiya wasiƙa ta zo daga ƙungiyar masu sayar da hatsi, suna neman a ba su rumfuna goma da suka ce an yi musu alkawari. Da yake da Turanci aka rubuta katunan, na duba ƙarƙashin G, wato hatsi, babu. Na duba sunan ƙungiyar, babu. Sai na buɗe sabon fayil na ba shi 618, na tura sama. Jiya ya dawo, sakatare ya rubuta a kai: ina amincewar da aka yi a baya? Ni kuwa ban san da wata amincewa ba.

Hajiya_Rajista: Ayya. Wannan kowa ya yi shi a shekararsa ta farko. Ka nemi mai wasiƙar, alhali maganar ya kamata ka nema. Masu hatsi su ne suka rubuto, amma maganar rumfar kasuwa ce. Je ka duba ƙarƙashin M, inda kasuwa take a Turance, ko S inda rumfa take. In Baba Akawu irin na da ne, za ka samu kati a duka biyun, ɗaya yana tura ka ga ɗaya.

Sabon_Akawu: Na samu! Ƙarƙashin M. Katin ya ce:

```
LG/47/S.3/Vol.II
```

Ƙarƙashin S ma akwai wani kati da bai ce komai ba sai "duba 47/S.3". Amma ban gane wutsiyar lambar ba.

Hajiya_Rajista: Karanta ta daga hagu. LG ku ne. 47 uwar magana ce, kasuwanni gaba ɗaya. S.3 'yarta ce ta uku: wataƙila S.1 kuɗin shiga ne, S.2 gyara, S.3 rabon rumfuna, littafin zai gaya maka. Vol.II kuma yana nufin kundi na farko ya cika an rufe shi, wannan na biyu ne. In ba ka ga amincewar a na biyu ba, tana cikin na farko, kuma shi ba ya kan kanta ɗaya da masu rai. Ka duba takardar Baba, dole ya faɗi inda yake ajiye rufaffu.

Sabon_Akawu: Tana cikin na biyun, shafi na 86. An amince musu da rumfa shida ne ma, ba goma ba. Yanzu ya zan yi da 618 ɗin da na buɗe?

Garba_Mai_Shayi: Cire takardar ka mayar cikin tsohon, ka yaga bangon, ka goge layin a littafi. Wa ya gani?

Malam_Na_Taskar_Tarihi: A'a, Malam Garba, sakatare ya gani, tunda har ya yi rubutu a ciki. Rabin maganarka daidai ne: takardun su koma 47/S.3. Amma ba a gogewa. Ga yadda zan yi in ni ne. In shafi na ƙarshe a tsohon fayil 131 ne, wasiƙar masu hatsi ta zama 132, rubutun sakatare ya zama 133. Tsohuwar lambar shafin da ka sa musu ka soke ta da layi ɗaya yadda za a iya karantawa. A baƙin littafi, gaban 618, ka rubuta da ja cewa an haɗe shi da 47/S.3, ka sa kwanan wata da hannunka. Daga nan 618 ta mutu, fayil na gaba 619 ne. Sai ka yanki sabon kati ka rubuta masu hatsi, ka sa a G, yana tura mutum zuwa 47/S.3. Inda ka fara dubawa ka rasa, nan wanda zai gaje ka ma zai fara dubawa.

Sabon_Akawu: Wato ni da kaina na ƙara wa littafin wani gurbin.

Malam_Na_Taskar_Tarihi: Ƙwarai, kuma ba laifi ba ne. Je ka Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ka gani. Fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa har yau da lambobinsu na asali ake kiransu, an dai ƙara musu sunan rukuni a gaba, irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Mai bincike yana cin karo da wasiƙa tana cewa a duba fayil lamba kaza, ya cike takardar nema, a ɗauko masa. Da wani akawu ya sake jera su son ransa, da zaren ya tsinke.

Bintu_Maradi: Sannunku. Mu a nan Nijar da bambanci kaɗan. A biro ɗinmu abin da sakatariya ta fi riƙewa shi ne littafi biyu, na wasiƙun da suka shigo da na waɗanda suka fita, kowace da lambarta da ranarta. Sannan akwai abin da muke kira kurono, inda ake jera kwafin duk wasiƙar da ta fita bisa kwanan wata. In ka tuna watan, ka samu. In ba ka tuna ba, sai ka zauna ka yi ta buɗawa.

Hajiya_Rajista: Bintu, muna da irinsa, filimsi muke ce masa, saboda siririyar takardar da ake yin kwafin da ita a zamanin tafireta. Shi ne mai ceto ran da fayil ya ɓata. Sabon_Akawu, Baba ya ambace shi?

Sabon_Akawu: Ya ambata, shafi na uku. Ya ce yana saman kabad, ɗaure shekara-shekara. Amma akwai inda na rikice a shafin. Ya rubuta cewa kowace safiya kafin in taɓa komai in buɗe "littafin B.U.". Da yake faɗa min da baki na ɗauka littafi na biyu yake nufi, na yi ta neman na ɗaya.

Injiniya_Sani: Hahaha! Allah ya jiƙan Turanci.

Talatu_Sakatariya: Kada ka ji kunya, ni ma haka na ji shi ranar farko. Bi-yu umarni ne: a dawo min da fayil ɗin nan ran kaza. Ofisa zai rubuta B.U. da kwanan wata, fayil ya sauko wurinka, ka mayar da shi kanta, amma ka buɗe littafin a shafin wannan ranar ka rubuta lambarsa da sunan ofisan. Ran da ranar ta zo, ka ɗauko ka aika masa ba tare da ya tambaya ba. In ka ga P.A. an gama da shi ke nan, a mayar ma'ajiya. K.I.V. kuwa a sa ido a kai, ba rana. Ni dai a ganina K.I.V. maƙabarta ce da aka yi wa fenti.

Alhaji_Mai_Fansho: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Duk wannan tsari da kuke yabo, ni fayil ɗina wata bakwai ana nema lokacin da zan yi ritaya. Kullum in je a ce "yana sama". In hau sama a ce ya sauka. Ƙarshe a durowar wani ofisa da aka yi wa canjin wurin aiki aka same shi, ya kulle ya tafi da makulli. Ina katin yake a lokacin?

Hajiya_Rajista: Alhaji, Allah ya ba da haƙuri, kuma gaskiyarka. Nan ne tsarin yake yoyo. Katin fita yana nuna wanda rajista ta ba. In wancan ya miƙa wa na kusa da shi hannu da hannu, ko masinja ya ɗauka daga wannan tebur zuwa wancan bai biyo ta rajista ba, kati ya zama maƙaryaci. Maganin da na sani ɗaya ne, kuma mai gajiyarwa: duk ranar Juma'a da safe in ɗauki takarda in bi ofis-ofis in rubuta lambar duk fayil ɗin da na gani a kan tebur, in dawo in gyara katunan. Ana jin haushina, wani ma ya ce ina masa leƙen asiri.

Alhaji_Mai_Fansho: Da irinki ce a wurinmu da ban sha rana ba. Amma na cikin durowa a kulle fa? Shi ba kya ganinsa.

Hajiya_Rajista: Shi kam sai Allah.

Dan_Gumel91: Abin da ya fi ɓatar da fayil ɗin ma'aikata a Arewa ba durowa ba ce, suna ne. Mutum ɗaya: takardar ɗaukar aiki ta ce Mohammed, ta makaranta ta ce Muhammadu, shi yana sa hannu Mamman. Abubakar ya zama Garba, Usman ya zama Shehu. Wani kuma sunan garinsu ne a ƙarshe, a ofis ɗaya ka samu mutum biyar masu suna iri ɗaya har garin.

Sabon_Akawu: Baba ya yi rabin shafi a kan wannan. Ya ce duk yadda aka rubuta Muhammad, wuri ɗaya yake ajiye katin, kamar rubutu ɗaya ne. Sunan da ke kan takardar ɗaukar aiki shi ne na babban kati, sauran sunayen kowanne da ɗan katinsa mai turawa. In suna ya zo ɗaya, ya raba su da sunan uba da ranar fara aiki. Matan da suka koma amfani da sunan miji ma bai canza musu babban kati ba, ƙari yake yi.

Ummu_Hanan: Wannan na ƙarshen ya burge ni. Yayata sai da ta yi rantsuwa a kotu kafin a yarda ita ce mai fayil ɗinta.

Ustaz_Kabiru: Ni gyara ne ƙarami. Me ya sa kuke ta cewa indes? Muna da fihirisa, ita malamai ke faɗa tun kafin zuwan Bature.

Talatu_Sakatariya: Ustaz, ka shiga rajista ka ce a ba ka fihirisa, za a nuna maka masallaci.

Ustaz_Kabiru: To ai shi ke nan, na janye.

Injiniya_Sani: Mu koma kan maganar oga. Ni fa ina ganin yana da hujja. Mutum ya zo neman fayil, sai an buɗe durowa, an samo kati, an karanta lamba, an duba akwatin fita, sannan a je kanta. Fayilolin ma'aikata aƙalla ai ana iya jera su bisa suna.

Malam_Na_Taskar_Tarihi: A ƙaramin wuri mai ma'aikata talatin, na yarda. Inda suka kai ɗaruruwa, ka tuna maganar Dan_Gumel91. Rabin kantar za ta zama A da M da S, kuma duk sabon Abdullahi sai an matsa da kowa gaba an buɗa masa wuri. Da lamba kuwa sabo yana zuwa ƙarshe ne kawai. Sannan in fayil ya ɓace daga jerin lamba ido yana gani, 301 sai 303. A jerin suna wa zai lura babu wani Sani a cikin Sani goma sha?

Injiniya_Sani: Na ji ta biyun. Ta farkon ban gamsu ba, matsar da fayil ba wani aiki ba ne.

Talatu_Sakatariya: Ka taɓa matsar da su? Ƙurar kaɗai sai ka kwana kana atishawa. Sabon_Akawu, abin da ka ji game da lambar fayil haka yake ga lambar shafi. Kowace takarda da ta shiga, lamba a kusurwar dama ta sama, igiya ta ratsa ta kusurwar hagu. In wata ta zo a makare kuma wurinta tsakanin 86 da 87 ne, ka kira ta 86A, kada ka sake ƙirga na bayanta, don duk rubutun manya yana cewa "duba shafi kaza". Kuma duk fayil ɗin da ya dawo hannunka ka ɗan bi lambobin. In 85 ta tsallaka 88, wani ya zare biyu, katin fita zai gaya maka hannun da ya fito. Irin fayil ɗin rumfunan nan naka, shafi na 86 ɗin da ya ce shida ba goma ba, shi ne irin wanda ke yin ƙafa.

Sabon_Akawu: Na riga na yi masa kwafi. Oga kuma na nuna masa wasiƙu uku da suka shigo yau, duk da lambar fayil a samansu, na ce ya gwada nemo su da suna. Ya yi shiru, ya ce a bar kantar "zuwa wani lokaci". Bai ce ya fasa ba.

Saura abu ɗaya da takardar ba ta faɗa ba. Wasu katunan, kamar arba'in, akwai ɗan da'ira da fensir a kusurwarsu. Na 47/S.3 ma yana da shi.

Hajiya_Rajista: Ni da ɗigon ja nake alamta wanda ke da ɗan'uwa a rajistar sirri. Wataƙila shi ke nan.

Dan_Gumel91: Ko waɗanda aka taɓa kaiwa kotu. Rumfar kasuwa ai ba ta rabuwa da shari'a.

Malam_Na_Taskar_Tarihi: Ko masu rufaffen kundi a sito. Gwaji mai sauƙi: zaro goma daga cikinsu ka ga ko duka suna da Vol.II ko sama.

Sabon_Akawu: Na zaro goma. Bakwai suna da shi, uku babu.

Garba_Mai_Shayi: Wai mutumin nan ritaya ya yi ko rasuwa? Sayi goro ka je gidansa ka tambaye shi mana.

Sabon_Akawu: Na kira, ɗansa ya ɗauka, ya ce Baba ya tafi ƙauye duba gona, can kuma babu sabis. Sai ran Asabar.

Talatu_Sakatariya: To sa shi a littafin bi-yu.